Batun babi na huɗu: kada ka miƙa shi tukuna

Assalamu alaikum Malam Sanusi,

Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi.

Na karanta babin da ka turo a kan cinikin gyaɗa a Kano daga 1912 zuwa 1954. Ba zan ɓoye maka ba, bai kai a miƙa wa sashe ba, kuma ba zan sa hannu a fom ɗin semina ta wannan watan ba. Na san ka ƙwallafa rai a kanta, sai haƙuri.

Babbar matsalar ita ce babin labari yake bayarwa, ba ya kafa hujja. Shafi goma sha ɗayan farko ka ƙare su wajen faɗin cewa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa ran auduga, manoma suka karkata ga gyaɗa, Alhassan Ɗantata ya shahara, aka tara dalar gyaɗa. Duk gaskiya ne, amma ɗan aji biyu a sashenmu ya san wannan. A babi na ɗaya ka yi alkawarin nuna yadda bashin da 'yan baranda ke ba manomi kafin kaka ya sauya zaman gandu a ƙauyuka. Ina wannan maganar ta shiga? Sai a shafi na 31 na ci karo da ita, sakin layi biyu, ka wuce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kana da kayan aikin a hannu. Dubi hirar da ka yi da dattijon nan na Bichi, wanda ya ce mahaifinsa kan karɓi kuɗin gyaɗa tun tana fure don ya biya haraji, ranar awo kuma ya dawo gida da buhu wayam. Wannan ita ce zuciyar babin, kai kuma ka tura ta ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe. Ɗauko ta ka kawo gaba. Sannan ka tambayi kanka: shi kaɗai ne, ko haka abin yake a Gezawa da Dawakin Kudu? Hira uku ba za ta ɗauki nauyin iƙirarin da kake yi a kan lardi guda ba.

Sai rahotannin Razdan da na Di'o da ka kwaso daga ma'adanar tarihi ta Kaduna. Kana kawo su tamkar hukuncin alƙali. Mutumin da aikinsa tara haraji ne, in ya rubuta cewa talakawa na cikin wadata, ai sai a bincika wa yake rubuta wa, kuma me yake so a ji. Babu inda ka yi haka. Yunwar 1913 zuwa 1914 ma, wadda ta faɗo daidai farkon bunƙasar cinikin, ko ambatonta ba ka yi ba.

Akwai kuma kurakuran da mai jarrabawa na waje ba zai yafe ba. A shafi na 22 ka ce hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanke farashi a shekarun 1930, alhali sai 1949 aka kafa ta, ta Jihar Arewa kuma 1954. Jadawali na biyu ya cakuɗa tan da buhu, ba madogara a ƙasansa. Sakin layi na uku a shafi na 17 kuwa ba muryarka ba ce, na san littafin da ya fito. Ina kyautata zaton mantuwa ce wajen kwafe bayanai, amma kwamiti ba zai yi maka wannan uzurin ba. Ka sake rubuta shi da kalmominka, ka nuna mai shi.

Ka taƙaita shimfiɗar ta koma shafi uku, ka koma ƙauyukan nan ka ƙaro hira tun dattawan na raye, ka leƙa Gidan Ɗan Hausa ko za ka dace da takardun haraji na gundumomin. Sauran ƙananan gyare-gyare suna cikin fayil ɗin da na haɗo, da jan rubutu.

Na san batun kuɗin makaranta na zango mai zuwa ne ke sa ka gaggawa. Zan yi wa shugaban sashe magana a ajiye maka gurbi a seminar Yuli. Ka turo min sabon tsarin babin, shafi ɗaya kawai, kafin ranar Litinin, sannan ka same ni a ofis ranar Laraba bayan azahar mu zauna a kansa. Ka taho da faifan hirar Bichi, ina so in ji da kunnena.

Wassalam,
Farfesa Binta