Zuwa ga Mamana da angonta

Yakasai, Kano
Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana amarya, da ke da angonki Malam Sadiƙu, barakallahu lakuma wa baraka alaikuma wa jama'a bainakuma fi khair. Allah Ya sanya alheri, Ya ba da zaman lafiya, Ya sa gidan zamanku ne har tsufa.

Katin ƙarami ne, maganar da ke bakina kuwa ta fi ƙarfinsa, shi ya sa na ninke takarda na cusa a ciki. Ciwon gwiwar nan ya hana ni bin 'yan jere zuwa Samaru, abin kuma ya tsaya mini a rai, don tun ranar sunanki, da babanki ya mayar mana da sunan Inna, nake cewa da hannuna zan jera miki ɗaki. Allah bai nufa ba. Na ba Baffanki Sani kayan, buhu biyu da kwali ɗaya, sai turmi da randa da aka ɗaure daban. Ku sauke randar a hankali.

Za ki ga ban saya miki kayan ado ba. Na san 'yan uwan mamanki sun cika miki kabet da faranti da kofunan tangaran, Allah Ya saka musu da alheri, ɗakin amarya yana son haka. Nawa kayan na kicin ne da tsakar gida, waɗanda za su yi baƙi su koɗe, kuma ina da dalili. A 1986 aka kai ni Funtuwa, ina 'yar shekara 17. Ɗakina ya sha jere, langa da samira tun daga ƙasa har kusa da rufi, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Ranar da na fara girki bayan 'yan rakiya sun watse, ruwan tuwo ya tafasa, na kama garin talge, na duba ko'ina babu muciya. An manta ba a saya ba. Ga ni baƙuwa, ban san kowa ba, maigida ya fita, sai na zauna a bakin murhu hawaye na zuba. Wata dattijuwa da muke katanga ɗaya ta ji shiru ya yi yawa, ta leƙo, ta koma ta ɗauko tata, wadda bakinta har ya cinye saboda tuƙi, ta ce, “Riƙe, 'yata, ba aro ba ce.” Shekara 38 ke nan, ta daɗe da rasuwa, amma har yau ba na tuƙa tuwo ban yi mata addu'a ba. Langunan nan kuwa yawancinsu ban taɓa zuba abinci a ciki ba har na rabar.

To ga muciya guda biyu, ta tuwo da ta ajiya. Akwai maburgi, da mara, da ludayin miya da na duma don fura, da rariya, da faifai huɗu, da ƙwarya babba da ƙarama. Duk a Kasuwar Kurmi na sa aka kai ni na zaɓa da kaina, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, inda Inna ta sayi nata. Ƙwaryar ki jiƙa ta ki kankare cikinta sosai kafin ki zuba abinci, in ba haka ba ɗacin duma zai kama.

Turmin na ƙirya ne, da taɓaryarsa. Na san kina da injin markaɗe, amma shi sai da wutar lantarki, kuma daddawa da citta da masoro ba sa ba da ƙamshinsu sai an daka. Kafin ki fara aiki da shi ki sami dusa ki daddaka a ciki sau biyu ki zubar, don ta kwashe ɓurɓushin itace, sannan ki shafe shi da man gyaɗa ciki da waje. Kada ki bar shi a rana, kada ki bar ruwa ya kwana a cikinsa, musamman yanzu da hunturu ya kama, tsagewa zai yi. In kin gama ki kife shi a inuwa. Turmin da aka kula da shi, jikoki ma sai su daka a ciki.

Tukwanen dalma uku ne. Biyu na yau da kullum, dai-dai cikin mutum biyu. Ta ukun, babbar, tana cin kwano guda na shinkafa, kuma na san za ki ce me mutum biyu za su yi da ita. Ita ce ma na fi so a duk kayan. Gidan da babu babbar tukunya baƙo ba ya sakewa a cikinsa, don yana ganin an rage wa masu gida rabonsu. Ku kuma kuna kusa da jami'a, 'ya'yan dangi da ke karatu a Ahmadu Bello za su riƙa faɗo muku ranar Asabar da Lahadi da yunwarsu, kada ku gaji da su. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. Girkinki na farko a wannan tukunya, Mamana, ki zuba a kula ki aika gidan da ke damanku da na hagunku. Kular ma tana cikin kwali. Ba ki san wace ce za ta miƙo miki muciya ba.

Randar kuwa, ki wanke ta ki cika da ruwa ya kwana biyu kina zubarwa, sai ki turara ta, ki kafa ta a kan jiƙaƙƙen yashi inda iska ke bi. Za ki ga jikinta yana naso, kada ki ɗauka fashewa ta yi, wannan nason da iska ke busarwa shi ke sanyaya ruwan. Na ƙulla miki saiwar jema a leda, ki jefa kaɗan a ciki. In bazara ta zo, aka yi kwana uku babu wuta, firji ya zama kabet, za ku san amfaninta. Moɗa tana rataye a wuyanta. A bar mata ita kaɗai, kada a riƙa tsoma kowane kofi.

Malam Sadiƙu, wannan ɓangaren naka ne, ka yi haƙuri da surukarka ta sa baki. An gaya mini ka sayi tukunyar gas, madalla. Ka riƙa duba tiyon da kanka: ka shafa masa ruwan sabulu, in ka ga kumfa na tashi, yoyo yake yi, a canza shi a ranar. Duk lokacin da kuka ji warin gas, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da tagogi. Na haɗo muku da kurfoti don ranar da gas ya ƙare ana tsakiyar girki, amma a tsakar gida ake hura shi. Sanyin Zariya na san shi, yana sa mutum ya ja gawayi ɗaki ya rufe ƙofa. Don Allah kada ku yi. Hayaƙin gawayi mai kisa ba ya wari, mutum barci kawai zai ji. Haka janareta, nesa da taga. Fitila mai caji da hasken rana da ke cikin kwali taka ce, kai za ka riƙa fitar da ita da safe.

Kuma ɗana, yarinyar nan ta taso a gida mai mutum sama da 20, ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. Watannin farko shirun gida zai dame ta ko ba ta faɗa ba. In ka dawo ka zauna ku ci tare, a kwano ɗaya. In ka ga aiki ya yi mata yawa ka kama mata, Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi yana taya iyalinsa hidimar gida, in lokacin salla ya yi ya fita. Na ji kyakkyawar shaida a kanka tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa, shi ya sa nake maka magana kamar ɗan cikina.

Sauran ƙananan abubuwa ba sai na bi su ɗaya-ɗaya ba: buta biyu, darduma biyu, tabarmar baƙi, tsintsiyar laushi da ta kwakwa, gidan sauro wanda nake so ku ɗaura tun yanzu ba sai damina ba. A ƙasan buhu na biyu akwai kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da kanwa da yajin da na daka da kaina, da kwalbar man shanu. Kaskon turare da turaren wuta saƙon Hajiya maƙwabciyata ne, daga Maiduguri aka kawo mata, ki kira ta ki yi godiya.

Abin da babu a gidan, ku bar shi babu har Allah Ya hore. Kada ku ci bashi don cika falo, kada ki shiga adashen da ya fi ƙarfinki saboda kin ga labulen wata. Kayan da aka kai Nana Faɗima da su gidan Sayyidina Ali, mayafi ne da salkar ruwa da matashin kai, ita kuwa 'yar Manzon Allah ce. Ku naku ya ninka wannan sau nawa.

Akwai ƙunshi ɗaya a cikin tsohon zane, shi na bari ƙarshe. Tasar Inna ce, ta tagulla, aikin maƙeran Bida. A ciki take ajiye goro, kuma duk jikan da ya je gaishe ta daga ƙarƙashin goron take zaro masa alewa. Ke ba ki riske ta ba, da wata bakwai ta riga ki. Da aka yi rabon kayanta ita kaɗai na roƙa, na ajiye ta shekara 23 ina jiran wannan rana. Gefenta ya ɗan lotsa, kada ki ba a gyara, faɗuwa ta yi daga hannunta a shekarar da ta fara rashin lafiya. In ta dushe ki goge ta da lemon tsami da toka, za ta dawo tana ƙyalli. Kada ki zuba mata abinci mai tsami, kada kuma ki kulle ta a kabet. Ki sa dabino ko goro, ki ajiye inda hannun baƙo zai kai.

In Baffanki ya iso ki kira ni in ji ko randar ta kai lafiya. Da zarar ƙafar nan ta yi sauƙi ina nan tafe, in sha Allahu kafin azumi, kuma kwana biyu zan yi. Tuwon dawa miyar kuka nake so, da man shanu, a tuƙa da sabuwar muciya. Ku gaishe mini da Hajiya da Alhaji, iyayen Malam Sadiƙu, da kyau da kyau.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sa soyayya da jinƙai a tsakaninku, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba, Ya tsare ku daga sharrin mai sharri. Amin summa amin.

Taku har kullum,
Gwaggo Binta