Wasiƙa Zuwa ga Shugabar Makaranta Kan Ɗalibi Sadiƙ

Samaru, Zariya
14 ga Oktoba, 2024

Shugabar Makaranta,
Sashen Firamare,
Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum, Hajiya.

Bayan gaisuwa, na rubuto ne da izinin iyayen Sadiƙ, ɗan shekara 7 da ke aji biyu. Na duba shi a asibiti, na kuma zauna a ajinsu na ga yadda yake. Sadiƙ yana da galahanga, wato bambanci a yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa magana, mu'amala, ƙara da haske. Ba taurin kai ba ne, ba kuma sakacin iyaye ba.

Yaron yana da kai. Yana karanta gajerun jimloli, lissafi kuma ya wuce sa'o'insa. Hayaniya da canjin ba-zata su ne ke rikita shi. Ranar da na zo, da aji ya ɗauki bitar karatu baki ɗaya, sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin benci. A irin wannan hali ba ya jin abin da ake faɗa masa, don haka tsawa ko bulala ƙara dagula shi za su yi. Ina roƙon a daina su gaba ɗaya a kansa. A bar shi ya fita zuwa wuri guda mai shiru, kamar ofishin malamai, ya yi minti biyar ko goma tare da babba, sannan ya dawo.

A mayar da shi layin gaba, nesa da tagar da ke kallon janareta, kuma kada a riƙa sauya masa wurin zama. A manna jadawalin ranar da hotuna a kan teburinsa. Kafin a canza darasi ko a kaɗa ƙararrawa, malama ta sanar da shi da minti biyar. Idan za a ba shi umarni, a kira sunansa, a faɗi abu ɗaya, a jira kamar daƙiƙa goma kafin a maimaita. Kada a matsa sai ya kalli idon malama. Dama ai ba mu koya wa yaranmu zuba wa babba ido ba. Kaɗa hannun da yake yi yana kwantar masa da hankali, a ƙyale shi.

A jarrabawa a ba shi ƙarin lokaci da ɗaki mara hayaniya. Lokacin tara kuwa, a sa ido don kada yara su tsokane shi.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin karatu ba tare da an ware shi ba.

Ina ba da shawarar a buɗe ɗan littafi tsakanin malamarsa da mahaifiyarsa, a riƙa rubuta yadda ya wuni. Bayan mako shida zan dawo mu zauna da malamar mu duba abin da ya yi aiki, in Allah ya yarda.

Na gode ƙwarai.

Dakta Hauwa Garba
Masaniyar halayyar yara