Zuwa ga Yaya Hajiya Binta, Bayan Fitata Takaba

Gwammaja, Kano
8 ga Yuli, 2023

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, ina fata kin tashi lafiya, ke da Alhaji da yara, an kuma yi Sallah lafiya. Na san za ki ce mene ne na takarda alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu. Dalili shi ne ba kya bari a yi miki godiya. Da na buɗe baki sai ki ce "ke dalla bar wannan zancen," ki shiga tambayata ko Nana ta sha magani. To takarda dai ba ki da yadda za ki katse ta.

Zan fara da asibiti. A farkon Fabrairu, lokacin da jikin Abban su Nana ya yi tsanani aka kwantar da shi a Asibitin Malam don wankin ƙoda, kin san halin da gari yake ciki. An canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin ana gudun karɓarsu, sababbin kuma sai a bakin banki, inda mutane ke kama layi tun asuba. Ina da ɗan abin da ya rage a asusu, amma ɗan adaidaita sahu ba ya karɓar taransifa, mai shayin bakin asibiti ma haka. Ranar wata Talata kika zo dubiya, kika miƙo mini ledar lemo da ayaba, kika ce in duba ƙasan ledar idan kin tafi. Dubu goma sha biyar na tarar, duk 'yan ɗari-ɗari da hamsin-hamsin, an ɗaure su da kyauro. Daga baya 'yarki Ummi ta faɗa mini cinikin ƙanƙara da zoɓonki ne kika tara, ba ki taɓa ba, alhali ku ma a gidan kuna fama da rashin na cefane. Kuɗin nan su suka riƙa kai ni Titin Zariya su dawo da ni har ranar da Allah Ya karɓi abinsa.

Sai maganar jini. Likita ya ce a nemo leda biyu kafin a ɗora shi a kan injin, na kira waɗanda nake ganin su ne na farko, kowa da uzurinsa, ban kuma riƙe kowa a zuciya ba. Ke ko tambayarki ban yi ba. Kawai ganin ɗanki Sadiku na yi da abokinsa a bakin ɗakin, ya ce Hajiya ce ta aiko su. Yaron nan da ko allura ba ya so. Ki faɗa masa ban manta da yadda ya fito yana dariyar ƙarfin hali yana neman wurin zama ba.

Ranar rasuwar, ƙarshen Rajab, ba na iya tuna komai da kyau. Abin da aka gaya mini shi ne Alhaji ya tsaya a kan likkafani da makara har aka kai shi Ƙofar Mazugal, ke kuma kika buɗe gidanki ga baƙin da suka zo daga Ɗambatta, tun da namu ba zai ɗauke su ba. Tukwanenki da tabarminki da itacenki aka yi zaman makoki da su. Allah Ya saka muku da alheri.

Amma abin da ya sa ni zama na ɗauki biro ya faru ne bayan an watse. Ana yin sadakar bakwai gida ya yi tsit, gari ya koma hayaniyar zaɓe, kowa ya kama gabansa, kuma haka duniya take. A lokacin ne na kira dillaliya ta zo ta yi wa keken ɗinkina kuɗi. Ban san wanda ya kai miki labari ba (ina zargin Nana). Kika shigo ko mayafi ba ki gyara ba, kika sallami matar, kika yi mini faɗan da tun rasuwar Inna ba wanda ya yi mini irinsa. Kika ce idan na sayar da keken yau, gobe me zan sayar? Na ji haushinki a ranar, Yaya, har na yi kuka. Washegari sai ga Ummi da turmi huɗu na atamfa, wai ɗinkin Sallar 'ya'yan ƙanwarki. Daga nan kaya suka riƙa shigowa daga Kurna, daga Rijiyar Lemo, har daga Hotoro, na matan da ban taɓa gani ba. Ke kike aunawa ki rubuto a takarda, ke kike karɓo kuɗin, tun da mai takaba ba ta yawo. Kuma ba ki taɓa bari an rage mini ko sisi da sunan taimako ba, kuɗin ɗinki cikakke kike karɓowa. Azumin bana da guminmu muka ci shi. Da kin ba ni buhun shinkafa da na gode, amma da kullum ina sunkuyar da kai idan mun haɗu.

Kunun da kike aikowa kafin shan ruwa ma na lura da dabararki. Kullum sai Ummi ta ce "wai an dama ya yi yawa." Wata guda cur ana dama kunu yana yin yawa, Yaya?

Ki kuma isar mini da godiya ta musamman ga Alhaji. Tun ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ta jiƙa wa marigayi diloli, bai sake samun kansa ba, kuma ya tafi da bashin mutane a wuyansa. Wannan shi ya fi hana ni barci, fiye da tunanin abin da za mu ci. Alhaji ya ɗauki littafin shagon, ya bi masu bin bashin ɗaya bayan ɗaya tare da ƙanin marigayi, ya karɓo abin da marigayi yake bin wasu, aka biya kafin a yi zancen rabon gado kamar yadda shari'a ta ce. Biyu daga cikin masu binsa bashin suka yafe. Ranar da ya tsaya daga zaure ya ce mini "an sauke masa nauyi, sai addu'a," a daren na yi barcin da rabona da shi tun kafin asibiti.

Yanzu alhamdu lillahi na fita, ya zo daidai da Babbar Sallah. Yaran suna makaranta. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu kuɗin mota ya ninka, don haka na mayar da Nana da ƙaninta ta nan kusa da gida, suna tafiya a ƙafa. Ɗinki bai tsaya ba, akwai ankon biki da na karɓa na wata mai zuwa.

Dubu goma sha biyar ɗin nan na san idan na kawo sai mun ɓata, don haka ba zan kawo ba. Ga doguwar riga nan a cikin ledar, na ɗinka miki da awon da na ɗauka a tsohuwar shuɗiyar nan taki, da hula ta Sadiku. Don Allah kada ki dawo da su. Babbar kularki da tabarmi biyu suna wurina, Nana za ta shigo da su da yamma. Ranar Juma'a kuma zan je Ɗambatta gaida su Gwaggo, idan da saƙo ki ba ni.

Allah Ya raya miki su Ummi da Sadiku, Ya ba ki lafiyar ƙafar nan, Ya jiƙan mahaifanki, Ya sa ki sake ganin Ka'aba. Shi kuma Allah Ya kai haske kabarinsa.

Taki ƙanwa,
Hadiza (Maman Nana)