Amsa kan tayin aikin mai kula da sito

Assalamu alaikum Hajiya,

Barka da aiki. Takardar tayin ta iso mini ranar Talata, na gode da ɗawainiyar da kika yi tun daga ganawar farko. Aikin nan ina son shi, kuma tun da na zagaya siton na ga yadda ake karɓar riɗi da aya, son ya ƙaru. Sai dai albashin jika 170 da aka rubuta ya yi ƙasa da nauyin da za a ɗora mini.

Kuɗin nan kafin cire-cire ne. Kason ma'aikaci na CNSS, kashi 5,25 cikin ɗari, zai ɗauke sefa 8.925, harajin albashi kuma ya ɗauki nasa. Inda nake yanzu jika 210 ke shiga hannuna kowane wata, a kan sito guda. A ganawarmu siton Maraɗi kaɗai aka ambata, amma takardar ta haɗa da na Tasawa da na Dakoro, da ƙidayar kaya sau biyu a wata a kowanne. Tafiya huɗu ke nan, ba a faɗi wanda zai biya mai ba.

Abin da nake nema jika 260 ne kafin cire-cire. In kasafin kamfani bai kai nan ba a bana, zan karɓi jika 230, a ƙara jika 25 na mai da jika 10 na katin waya, a kuma rubuta cikin kwantaragi cewa albashin zai koma 260 da zarar na cika wata uku na gwaji.

Akwai sharaɗin da ya fi damuna, wanda ya ce duk giɓin da aka samu a awo mai sito zai biya. Riɗin da aka saya da kaka yana shigowa da sauran danshi da ƙasa. In ya bushe aka tankaɗe, buhu ba ya komawa nauyin da aka auna a ƙofa, ko da ba wanda ya taɓa shi. Ina roƙon a rubuta iyakar ragin da kamfani ya yarda da shi, a riƙa gwada sikeli gaban shaida kafin buɗe saye, direba kuma ya sa hannu kan takardar kowace mota kafin a sauke. Abin da ya wuce wannan iyaka, na ɗauki alhakinsa.

In mun daidaita cikin makon nan, zan ba wurin aikina sanarwar wata guda, in fara kafin sabon riɗi ya cika kasuwa. Ko za ki samu lokaci ranar Alhamis bayan la'asar in zo ofis mu zauna? In maganar sai ta je gaban shugaban kamfani, a shirye nake in yi masa wannan bayani da bakina.

Allah ya ƙara girma.

Naki,
Sani