Dokokin Zama da Rabon Ɗakuna: Gidan Haya na Ma'aikata, Hotoro, Kano

Gidan nan ɗakuna huɗu ne, mazauna bakwai, duka maza. Hayarsa naira 1,450,000 ce a shekara.

Ɗaki na 1 mai banɗaki a ciki na mutum biyu ne, kowa 240,000. Na 2 da na 3 su ma mutum bibbiyu, kowa 180,000, kuma banɗakin tsakar gida za su yi amfani da shi. Ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofa na mutum ɗaya ne, 250,000. Lokacin aiki ake dubawa wajen haɗa mutane a ɗaki, ba abota ba. Mai aikin dare da wanda zai fita ƙarfe bakwai na safe ba sa jituwa, domin lokacin barcin wannan shi ne lokacin gugar wancan. Sauya ɗaki sai da yardar mutanen ɗakunan biyu.

Kowa zai ba ma'aji 12,000 kafin ranar 5 ga wata. A ciki za a sa wa mita katin 40,000, a cika tukunyar gas mai kilo 12.5, a biya 'yan sintiri da mai kwasar shara, ragowar a ajiye don gyara. An hana risho na lantarki da hitar da ake tsomawa a bokiti. Su ne ke cinye kati tun wata bai raba ba.

Ruwa ne ya fi haddasa rigima, don haka a kula sosai. Mai aikin mako shi kaɗai ke kunna injin burtsatse, kuma zai tsaya har tankin lita 2,000 ya cika ya kashe. Idan wuta ta zo da rauni kada a kunna, injin zai yi ta gurnani har ya ƙone. Daga Maris zuwa Mayu ruwa yana yin ƙasa. Da an ji bututu yana tofar da iska a kashe nan take, a jira awa biyu. Wanda ya yi sakaci ya ƙone shi, shi zai biya gyara.

A wanke tukunya kafin a kwanta. Kada a zuba mai ko ragowar tuwo a wurin wanke-wanke, yana daskarewa ya toshe bututu.

Ana kulle get ƙarfe sha ɗaya na dare. Baƙo namiji yana iya kwana biyu idan abokin ɗaki ya yarda. Baƙuwa mace, ko 'yar uwa ce, a falo za a gana da ita, ta tafi kafin magariba. Unguwar magidanta muke ciki, kuma da wannan sharaɗin aka ba da gidan.

Mai niyyar tashi ya sanar wata biyu kafin lokaci. Za a mayar masa da kuɗin ajiyarsa na 30,000 bayan an duba ɗakin an cire abin da ya lalata.