Wasiƙa Zuwa Ga Inna Daga Bakin Iyaka

Lahadi, 20 ga Agusta, 2023

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwa? Yaya damina a Garwa? Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi, hannu da ƙafa duk suna nan yadda kika san su.

Hadiza, na san ke za ki karanta mata. Don Allah ki karanta duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya don tausayi.

Inna, zan fara da neman gafara. Ranar da na kira ki daga Mora na ce a bariki za a bar mu, na san ba haka ba ne. An riga an karanta sunayenmu tun da asuba. Na ji muryarki ne na kasa faɗa. Tun ranar maganar take ci na, domin ban taɓa yi miki ƙarya mai girman wannan ba, kuma idan wani abu ya same ni ba na so ya same ni da ita a wuya. Gaskiya ita ce yau kwanana 23 a cikin rami, can arewa bayan Maltam, kusa da kogin El Beid wanda ya raba mu da Najeriya. Sunan ƙauyen ba a yarda mu rubuta ba. Waya ba ta kamawa a nan sai an hau wani tudu, tudun kuwa a fili yake, ba a barin kowa ya hau. Shi ya sa kika ji ni shiru.

Daga Mora muka bi hanyar Waza da Dabanga. Sau huɗu motarmu tana kafewa, mu sauko mu tura. Da muka bar babbar hanya sai mota ta ce iyakarta ke nan, muka ɗauki kaya a ka kamar masu zuwa cin kasuwa.

Ramin da nake faɗa miki dogo ne, yana lanƙwasa kamar tafiyar maciji, wai don idan abu ya faɗo a wani ɓangare kada ya kai ga na gaba. Zurfinsa ya kai ƙirjina. A bakinsa an jera buhunan ƙasa, a wasu wurare an rufa tamfol a kan itace, nan muke kwana. Waɗanda suka haƙa shi da rani suka haƙa, lokacin da ƙasar take da tauri kamar dutse. Mu kuwa da damina muka gaje shi.

Ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Kin san bakin Binuwai, yashi ne, ruwa ya sauka an jima ya tsotse. Nan baƙar laka ce, wadda Fulani ke kira karal. Ba ta shan ruwa, riƙe shi take yi kamar tukunya. Ko'ina shimfiɗe yake, babu gangaren da ruwa zai bi, saboda haka duk abin da sama ta zubar raminmu yake nema. Da safe aikinmu na farko kwarfa. Mu yi layi da bokiti da gwangwanin tumatir, har da hular kwano, mu yi ta kwarfewa har rana ta ɗaga, da la'asar hadari ya haɗo ya mayar mana da abinmu. Idan ka taka, lakar ta kama takalmi ta riƙe, sai ka sa hannu biyu ka ciro ƙafarka. Kowane takalmi ya ɗauki nauyin bulo. Tana shiga aljihu, tana shiga kunne, tana shiga cikin shinkafa ka ji ta a haƙori. Bindiga ma ba ta tsira ba, sau biyu a yini nake kwance tawa in goge, don sarjan ya ce bindigar da ta ci laka sanda ce kawai.

A mako na biyu ƙafafuna suka fara. Kwana uku ban cire takalmi ba, da na cire sai na ga tafin ya yi fari fat ya yamutse, kamar hannun wadda ta wuni tana wanki, tsakanin yatsu ya tsage yana wari. Malamin asibitinmu ya ce zaman ruwa ne ke kawo shi, in an bari har tafiya sai ta gagara. Ya ce kullum a cire takalmi a shanya ƙafa ko na rabin awa ne, a canja safa. A nan ne na tuna da gwangwanin man kaɗanyar da kika cusa mini a jaka ranar tafiya, wanda na ce ki bar shi, soja ba ya yawo da man shafawa. Kika yi kamar ba ki ji ba. Inna, wallahi yau mu shida ke shafa shi. Da dare in wanke ƙafa da ɗan ruwan buta, in goge da tsohuwar riga, in shafa, in sa busasshiyar safar da nake ɓoyewa a ƙirji cikin leda. Tsagar ta fara haɗewa. Idan na buɗe gwangwanin sai in ji ƙanshin ɗakinki.

Sauro kuwa ba a magana. Da magariba za ki ji shi yana tasowa daga fadama kamar ana kaɗa gurmi daga nesa. Biyu daga cikinmu zazzaɓi ya kayar da su, an kai su Kusiri. Ni ina shan maganin da aka ba mu, ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Na san abin da za ki fara tambaya. Ban bar salla ba. Mu Musulmi tara ne a nan, akwai wani kofur Bakotoko da ya yi karatun allo sosai, shi ke jan mu in an samu hali. Mun samo katakon akwatin harsashi biyu mun shimfiɗa, a kai muke yi, bi da bi, rabi suna salla rabi suna gadi. Ranar da aka hana ɗaga kai, a zaune na yi, da ishara. Kofur ya ce ta yi, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Abokan aikinmu Kirista su ke riƙe mana wurin gadi idan lokaci ya yi, mu ma mu riƙe musu ranar Lahadi kamar yau. Ina jin su yanzu haka suna waƙarsu a hankali ƙarƙashin tamfol.

Akwai daren da nake so in gaya miki, don ban da wanda zan gaya wa. Daren kwana na 11 ne, wajen ƙarfe biyu, ina kan gadi, ana yayyafi. Kwaɗi suna ta kuka, sai kawai suka yi tsit. Kafin in gane me ke nan sai harbi ya tashi daga cikin ciyawa, na ga jan wuta yana wucewa ta saman kanmu, na ji wani abu ya bugi buhun da ke gabana, laka ta fantsamo mini a fuska. Inna, duk horon da aka ba mu a Ngaundere ya fita daga kaina. Hannuna ya ƙi motsi. Bakina kawai ke cewa Hasbunallahu wa ni'imal wakil, ban ma san ina faɗa ba. Sai na ji hannu a ƙeyata ya danna ni ƙasa. Sarjan ne, mutumin kudu, ɗan wajen Ebolowa, ya girmi Yaya Sani. Bai zage ni ba. Ya sa bakinsa a kunnena ya ce in ja numfashi sau uku, sannan ya nuna mini inda zan duba. Na ja, na duba, na yi abin da aka koya mini. Abin bai kai rabin awa ba suka janye. Ba mu rasa kowa ba, mutum ɗaya ne ya ji rauni a kafaɗa.

Da gari ya waye na kasa riƙe kofin shayi saboda rawar hannu. Sarjan ya zauna kusa da ni ya ce shi ma darensa na farko haka ya yi. Tun daga ranar, in kwaɗi suka yi shiru sai cikina ya ɗuri ruwa, amma hannuna bai sake ƙin motsi ba.

Ba wahala kaɗai ke nan ba. Ina da aboki, Jona, ɗan Yaguwa, Bamasa dogo, wanda ya tashi a bakin Logon. Ran nan muna kwarfa sai ya tsaya, ya zura hannu cikin laka har gwiwar hannu, ya zaro gaiwa mai kaurin damtse! A cikin raminmu fa. Ya ce tun rani take kwance a ƙasa ta naɗe kanta, ruwa ne ya tashe ta. Muka dafa ta da ɗan yajin da kika ƙulla mini, mu takwas muka ci, har sarjan ya nemi ƙari. Ran nan ne na fara jin an yi dariya sosai a wurin nan.

Mutanen ƙauyen da ke bayanmu Larabawan Shuwa ne da Kotoko, rabin gidajen babu kowa, sun gudu tun shekarun baya. Waɗanda suka rage suna ta shirin irin masakwa, suna jiran ruwa ya janye su dasa a wannan lakar da ke wahalshe mu. Akwai wata tsohuwa da ke kawo mana kindirmo a ƙwarya. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Larabcinsu, amma ranar da ta ga ina ɗingishi sai ta nuna ƙafata ta girgiza kai, ta ƙi karɓar kuɗina. 'Ya'yanta biyu aka kashe a gona, in ji kofur. Idan na gan ta sai in tuna dalilin da ya sa aka ajiye mu a nan.

Inna, na san ba ki so na shiga soja ba. Kin fi so in riƙe keken ɗinkin Baba, Allah Ya ji ƙansa. Kika yi shiru kika sa mini albarka, amma na ga idonki a tasha. Ba na neman ki ce na yi daidai. Abin da nake roƙo ki yafe mini ƙaryar Mora, kuma ki riƙa sa ni a addu'ar asuba da sunana.

Direban motar abinci, Malam Buba, shi zai kai takardar nan Marwa ya ba yaron mota ya kawo Yelwa. Na bar saƙo a tura miki sefa 40,000 ta wayar Yaya Sani ƙarshen wata. A cire na makarantar Hadiza tunda Satumba ta matso, a saya miki maganin gwiwa, sauran a ƙara a hatsi. Kada ki ajiye mini komai.

In za ki aiko da amsa ta hannunsa, ina son safa uku masu kauri, da wani gwangwanin man kaɗanya, babba, da yaji, da ɗan kilishi in ya samu. A naɗe komai a leda biyu. An ce za a canje mu idan ƙasa ta fara bushewa, ina sa rai bayan Maulidi, in Allah Ya yarda.

A gaida Yaya Sani da iyalinsa, da Gwaggo Asabe, da Malam na masallacin unguwa, a ce masa ina neman addu'a. Hadari ya haɗo daga gabas, bari in naɗe takardar kafin ta jiƙe.

Ɗanki,
Ibrahim