Zafin Kwamfutar Hauwa

Saura kwana uku a fara jarrabawa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, kwamfutar Hauwa ta ɗauke ɗif. Tana kwance ne a kan katifa, ta ɗora ta bisa bargo tana bitar darasi, ga zafin Afrilu na Katsina. Da ta taɓa ƙasanta sai da ta janye hannu.

Kuka ya kusa ƙwace mata, domin duk karatun zangon yana ciki. Washegari da sassafe ta hau Keke Napep zuwa shagon wani mai gyara a Ƙofar Ƙaura.

Malam Sani ya kwance murfin, ya nuna mata fankar. Ƙurar hunturu ta daskare a jikinta kamar auduga.

"'Yata, a ina kike ajiye ta in kina karatu?"

"A kan katifa, Baba."

Ya girgiza kai. "To kin toshe mata hanci. Ta waɗannan ramuka na ƙasa take shaƙar iska, ta gefe take fitar da zafi. In zafin ya yi yawa, ita ke kashe kanta don kada ta ƙone."

Ya share ƙurar da ɗan buroshi, ya danna. Ta kawo, ba abin da ya ɓace.

"Ki riƙa ɗora ta a kan tebur ko faranti. In kin gama ki kashe ta, kada ki cusa ta a jaka tana kunne. Karatun kuma ki kwafa a filashi yau ɗin nan."

Da dare Inna ta nemi farantin tuwo ta rasa.

"Hauwa, ina babban farantina?"

"Inna, yana karatu. Sai bayan jarrabawa."